Kashi 3 a wata ko kashi 45 a shekara: wane rance ne ya fi araha?

Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da zoɓo da kunun aya da ƙanƙara a gida, ina so in ƙaro babbar firiza da ƙaramin janareto, kuɗinsu naira 600,000. Wani ƙaramin banki ya ce zai ba ni a kan kashi 3 cikin ɗari a wata, in riƙa biyan 68,000 har wata 12, amma za su cire 24,000 na fom da inshora, su kuma riƙe 60,000 a matsayin ajiya sai na gama biya. Bankin da nake da asusu kuma ya ce nasa kashi 45 ne a shekara, biyan wata wajen 63,000, za su cire 12,000. Ni dai na buga, 3 sau 12 ya ba ni 36, kuma 36 bai kai 45 ba. To me ya sa mai arahar ya fi yawan biya? Ko wani ne a cikinsu ya yi kuskure a lissafi?

Wata mai sana'a, daga Zariya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Babu wanda ya yi kuskure, kuma ke ma lissafinki daidai ne. Abin da ya faru shi ne kowannensu da irin mudun da ya auna miki, sai kika ajiye awon biyu gefe da gefe kamar mudu ɗaya ne. Kin kuma yi abin da mutane da yawa ba sa yi, wato kin dubi abin da zai fita daga hannunki duk wata. Wannan 68,000 da 63,000 ɗin su ne masu faɗin gaskiya.

Ƙaramin bankin nan yana lissafa ruwansa ne a kan dukan uwar kuɗin da ya ba ki ranar farko, tun daga watan farko har na ƙarshe, ba ruwansa da abin da kika riga kika mayar. Shi ne ma'aikatansu ke ce wa filat. Kashi 3 na 600,000 shi ne 18,000. An raba uwar kuɗin gida 12, kowane wata 50,000. Idan kika haɗa 50,000 da 18,000 kin samu 68,000 ɗin da aka faɗa miki. A ƙarshen shekara kin biya 816,000, wato ruwa kaɗai ya ci 216,000.

Yanzu ki bi ni wata bayan wata. A watan farko 600,000 ce a hannunki, kin biya mata 18,000. Wannan kashi 3 ne na gaskiya, ba gardama. A wata na biyu kin riga kin mayar da 50,000, saura 550,000 ake binki, amma ruwan yana nan 18,000. Kafin wata na bakwai rabin kuɗin ya koma wurin masu shi, 300,000 ce ta rage, ruwa dai 18,000, wato ya zama kashi 6 a wata. A wata na ƙarshe 50,000 kacal ake binki, kuma a kanta za ki ba da 18,000. Kashi 36 ke nan a cikin wata guda.

Kin san masu ba da hayar kujerun biki. A ce kin ɗauki dozin 12, kullum kina mayar musu da dozin ɗaya, suna karɓa suna ba wa wani haya, amma har ranar ƙarshe kuɗin dozin 12 suke cajinki. Babu matar da za ta yarda da wannan a kan kujeru, domin tana ganin kujerun da idonta suna fita daga gidanta. A kan kuɗi ne ake yarda, saboda ba a ganin raguwarsu sai a takarda, takardar kuma ba kullum ake ba da ita ba.

Bankinki na asusu yana lissafa nasa ne a kan abin da ya rage kawai. Kashi 45 a shekara idan aka raba 12 ya zama kashi 3.75 a wata. A watan farko ruwansa 22,500 ne, ya ma fi na ƙaramin bankin, kuma nan ne idon mutum ke ruɗarsa. Amma daga 63,000 da kika biya, 40,500 ta tafi ta rage uwar kuɗi, sai wata na biyu a lissafa ruwan a kan 559,500. Haka zai yi ta sauka, har a watan ƙarshe ruwan bai kai 2,300 ba. Jimillar abin da za ki biya wajen 756,000 ne, ruwa wajen 156,000. Tun kafin a zo maganar fom da inshora, mai kashi 45 ya fi mai kashi 36 sauƙi da naira 60,000.

To idan ana so a auna su da mudu ɗaya, tambayar da ake yi ita ce: da a kan abin da ya rage ƙaramin bankin yake lissafi, kashi nawa zai sa kafin biyan wata ya kai 68,000? Amsar ita ce wajen kashi 5.08 a wata, kusan kashi 61 a shekara. Irin wannan adadi shi ne akan rubuta da haruffa uku, APR, a takardar rance ko a fuskar manhaja. Ma'anarsa ainihin tsadar bashin a shekara, an lissafa ta a kan kuɗin da yake hannunki a kowane lokaci, an kuma haɗa da cajin da aka tilasta miki kafin a ba ki. Saboda haka gwajin ba 36 da 45 ba ne. 61 ne da 45, tun kafin mu haɗa da caji.

Akwai hanyar da za ki iya kintata wannan ba tare da na'ura ba, kuma ita nake koya wa duk wanda ya zo mini da irin wannan takarda. Ki rubuta abin da ake binki a farkon kowane wata: 600,000, sai 550,000, sai 500,000, har zuwa 50,000. Ki tara su ki raba 12. Za ki samu 325,000. Wannan shi ne matsakaicin kuɗin da ya zauna a hannunki cikin shekarar. Ba 600,000 kika ci moriya ta shekara guda ba, kusan rabinta ne. Ruwan 216,000 a kan 325,000 ya haura kashi 66. Wannan kintace yakan ɗan zarce ainihin adadin, wanda muka ce 61 ne, amma ya isa ya farkar da mutum. A taƙaice, duk rancen filat da ake biya kaɗan-kaɗan cikin shekara, ki ninka adadin da aka faɗa miki sau biyu ki ɗan rage, kin kusa gaskiya.

Idan kina so ki samu adadin daidai, ko ɗanki ko ƙanenki zai iya buga miki a waya, a cikin Excel ko Google Sheets. Layi ɗaya ne:

```
=RATE(12,-68000,600000)*12
```

Lamba ta farko yawan watanni ne, ta biyu abin da kike biya duk wata (da alamar ragewa a gabansa domin fita yake yi), ta uku abin da ya shigo hannunki. Zai nuna wajen 0.61, wato kashi 61.

Ki lura da abin da na ce: abin da ya shigo hannunki, ba abin da aka rubuta a kan fom ba. Nan ne sauran ɓoyayyar tsadar take, kuma ina so mu ɗan tsaya a kai.

An ce za a cire 24,000 na fom da inshora tun kafin kuɗin su sauka a asusunki. Ke nan 576,000 za ki karɓa, amma ruwan da biyan duk a kan 600,000 aka yanka su. Kina biyan ruwa a kan kuɗin da ba ki taɓa riƙewa ba ko na minti ɗaya. Idan aka sa 576,000 a wurin 600,000 a wancan layin, adadin ya tashi daga 61 zuwa kusan 70. Caji na kashi 4 ya ƙara kusan kashi 9, saboda an karɓe shi gaba ɗaya a rana ta farko, alhali kuɗin da kike mora kullum raguwa suke yi.

Sai ajiyar dole ta 60,000. Za a ce miki ai kuɗinki ne, za a mayar miki, kuma gaskiya ne za a mayar. Amma tsawon shekara suna hannunsu, ke kuma kina biya musu ruwa a kai. Kashi 3 na 60,000 shi ne 1,800 duk wata, 21,600 a shekara, a kan kuɗin da ke kwance a akwatin wanda ya ranta miki. Abin da zai shigo hannunki a zahiri 516,000 ne. Ga yadda ake buga shi, da 60,000 ɗin da za ta dawo a ƙarshe:

```
=RATE(12,-68000,516000,60000)*12
```

Amsar wajen kashi 83 ce, idan ba su ba ki komai a kan ajiyar ba. Daga 36 da aka nuna miki, an iso 83, kuma ba a yi miki ƙarya ko ɗaya ba a hanya. Kowace lamba da suka faɗa gaskiya ce a kan kanta. Haɗa su wuri ɗaya ne ba a yi miki ba.

Akwai kuma wata matsala ta nan kusa da ba ta buƙatar wani lissafi. Firiza da janareto 600,000 ne, ke kuma 516,000 za a miƙa miki. Ina za ki samo cikon 84,000? Ko dai ki ciro daga jarin zoɓon, ko ki ce a ƙara yawan rancen, sai ruwa da caji da ajiya duk su ƙaru tare. Na ga mutane da dama da sai a ranar da saƙon banki ya shigo wayarsu suka gane kuɗin ba su kai ba, alhali sun riga sun yi ciniki da mai kaya.

Adalci ne mu yi wa ɗaya bankin irin wannan awon. Shi ma zai cire 12,000, za ki karɓi 588,000 ki riƙa biyan 63,000. Nasa adadin ya tashi daga 45 zuwa wajen 49. To ga su a mudu ɗaya: 83 da 49. Idan kuma a naira kike so, na farko zai ci miki 240,000 tsakanin ruwa da caji, na biyu 168,000. Bambancin 72,000 ne, kuma na biyun ya fi ba ki kuɗi a hannu. Ki lissafa robar zoɓo nawa za ki sayar kafin ribarta ta kai 72,000.

Shekarun baya wani ƙanen mahaifiyata ya zo mini da takardar rancen babur, a ninke gida huɗu cikin aljihun gaban rigarsa, har gumi ya fara cinye tawadar. Abin da ya dame shi ba ruwan ba ne, domin shi a ganinsa kashi 4 ba wani abu ba ne. Ya samu kuɗi ne daga amfanin gona bayan ya yi wata shida yana biya, ya je zai sauke sauran bashin gaba ɗaya, sai aka ce masa sai ya haɗa da ruwan watannin da ba a shiga ba tukuna. Muka shimfiɗa takardar a kan tabarma, na bi layin ruwan da yatsa daga sama har ƙasa, lamba ɗaya ce ba ta motsa ba. A can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa ruwan duka ya hau kansa tun ranar da ya sa hannu. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ashe ko na yi sauri ko na yi jinkiri duk ɗaya ne a wurinsu." Ban manta da yadda ya faɗe ta ba.

Na kawo wannan ne domin sana'arki mai lokaci ce. Idan zafin Maris da Afrilu ya zo, ko azumi ya faɗo cikin zafi, ƙanƙara takan yi kasuwa, kuma mai yiwuwa ki tara abin da za ki so ki rufe bashin da wuri. A rancen da ake lissafawa kan abin da ya rage, bayan biya shida wajen 333,000 za a bi ki, kina biya ruwan ya tsaya, sai dai in akwai wata tarar biya da wuri da aka rubuta. A na filat kuwa, uwar kuɗin da ta rage 300,000 ce, amma idan yarjejeniyar ta ce ruwan duka ya hau kanki, 68,000 sau shida za a nema, wato 408,000. Tsakanin 300,000 da 408,000 akwai 108,000, kuma layi ɗaya a takarda ne zai raba gardamar. Wasu wuraren suna yafe ruwan watannin da suka rage, wasu suna yafe wani kaso, wasu ba sa yafe ko kwabo. Ki tambaya kafin ki sa hannu, kuma a nuna miki inda aka rubuta. Maganar bakin jami'in rance ba ta tsayawa a ranar rigima, wataƙila ma an canja masa reshe kafin lokacin.

Ba ina cewa duk mai lissafin filat macuci ba ne. Lissafin yana da sauƙin bugawa, kuma ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata da yawa da shi suke aiki tsakaninsu da Allah, wani lokaci ma ko an ninka nasu bai kai na banki ba. Ƙananan bankuna kuma suna da ɗawainiya ta gaske: jami'i ya hau babur ya zo ya ga sana'arki, ya riƙa zagayowa karɓar kuɗi, duk a kan rancen da babban banki ba zai ɓata lokacinsa a kai ba. Wannan yana sa kuɗinsu tsada, kuma na fahimta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar wa mace abu mai tsadar 83 a ce mata 3 ne. In tsadar ta zama dole, a faɗe ta da sunanta, mai karɓa ta yanke shawara da idonta a buɗe.

Akwai ma inda filat ba ya ɓoye komai. Idan aka ba manomi 100,000 da damina, ya biya 120,000 a dunƙule bayan wata shida, bai mayar da komai a tsakani ba, to kuɗin duka sun zauna a hannunsa har ƙarshe. Kashi 20 ne a rabin shekara, 40 a shekara, babu ninki. Ninkin yana shigowa ne idan ana mayar da uwar kuɗi kaɗan-kaɗan ruwan kuma ya ƙi sauka. Shi ya sa rancen rukunin mata da ake biya mako-mako ya fi kowanne cizo, domin tun mako na farko ko na biyu kuɗin suka fara komawa.

Za ki iya cewa, to me ya sa ba za a kwatanta jimillar naira kawai a huta ba? A naki lamarin hakan ya wadatar, tunda duka biyun 600,000 ne na wata 12. Amma da ɗaya na wata shida ne ɗaya na wata 18, jimillar naira sai ta ruɗe ki, domin gajeren zai nuna ƙaramin ruwa alhali wataƙila shi ya fi tsada a kowane wata. Manhajar waya da ke ba da 20,000 a karɓi 23,000 bayan kwana 30 za ta ce miki 3,000 ce kawai. Kashi 15 ne a wata, 180 a shekara. Amfanin awon shekara ke nan, ya sa dogo da gajere su tsaya a layi ɗaya.

Wannan rikici ba a kanmu aka fara shi ba. Irinsa ne ya sa Amurka ta yi doka a 1968 da ta tilasta wa masu ba da rance su bayyana wannan adadi na shekara kafin mutum ya sa hannu. 'Yan'uwanmu na Nijar za su gan shi a takardunsu da haruffan TEG, kuma a ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa da shi ake auna iyakar ruwan da doka ta yarda, wadda a 2014 aka tsayar a kashi 15 ga bankuna, 24 ga ƙananan cibiyoyin ba da rance. A nan gida, Babban Bankin Najeriya ya fitar da dokokin kare abokan hulɗa a 2019, waɗanda suka wajabta wa bankunan da ke ƙarƙashinsa, har da ƙananan, su bayyana ruwa da caji da sharuɗɗa a rubuce kafin a ƙulla yarjejeniya. Saboda haka idan kika nemi a rubuta miki, ba alfarma kike roƙo ba.

Wani ɗan abu guda kada ya ruɗe ki in kin ci karo da shi. Wasu suna ninka ruwan wata sau 12 kawai, kamar yadda muka yi, wasu kuma suna lissafa shi da hauhawa, wata a kan wata. A hanya ta biyu 61 ɗin nan zai fito wajen 81, 45 kuma wajen 56. Duka hanyoyin ana aiki da su. Ki dai tabbata da hanya ɗaya aka buga duka rancen da kike gwadawa.

Ga abin da zan so ki yi kafin ki koma wurin kowannensu. Ki nemi jadawalin biya a rubuce, mai nuna kowane wata nawa ne uwar kuɗi, nawa ne ruwa, nawa ya rage. Ki dubi layin ruwan kawai. In lamba ɗaya ce daga sama har ƙasa, filat ne ko da wane suna aka kira shi. In tana sauka, a kan abin da ya rage ake lissafi. Sannan ki yi musu tambaya da bakinki, a hankali, har sai an ba ki lamba: nawa ne zai shigo asusuna ranar farko bayan an cire komai? Kada ki karɓi amsar "ai ɗan caji ne kaɗan". Lamba kike so. In wanda ke gabanki ya fara kewaye-kewaye, ko ya ce sai kin sa hannu za a buga jadawalin, wannan ma amsa ce.

Shi ma bankin naki yana da tambayarsa. Ruwan manyan bankuna sau da yawa ba a kafe yake ba, yana bin ma'aunin ruwa na Babban Banki, wanda ya yi ta hawa a 2024 har ya kai kashi 27.5 a ƙarshen shekarar. Ki tambaya ko 45 ɗin zai tsaya har ki gama, ko suna da ikon ƙara shi a tsakiya. Ki tambayi jingina ko mai tsaya miki da suke nema, da tsawon lokacin da za a ɗauka kafin kuɗin su fito. Idan sai bayan zafi ya wuce za su saki kuɗin, arahar ta rage amfani. Ki kuma tambayi tarar makara a duka wuraren biyu, domin ba ta cikin ko ɗaya daga lissafin da muka yi, kuma ita ce ke kayar da mutane idan kasuwa ta tsaya.

Na san kuma akwai abin da ke zuciyar masu karatu da yawa, wataƙila har da ke: maganar ruwa a addini. Hukuncinta na malamai ne, ki kai musu tambayar kafin ki ɗauki mataki. Abin da zan ƙara daga ɓangaren lissafi shi ne, tunda kaya kike son saye ba tsabar kuɗi ba, ƙofar murabaha a buɗe take gare ki. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, da irin wannan ciniki aka san su: banki ya sayi kayan, ya sayar miki da riba sananniya, ki biya kaɗan-kaɗan. Farashin a kafe yake tun ranar ciniki. Amma ribar ma akan faɗe ta ne a kan dukan kuɗin kayan. A ce, misali, an sayar miki da kayan 600,000 a kan 780,000 cikin wata 12. Za a kira shi riba kashi 30, biyan wata 65,000, kuma in aka auna shi da mudun da muka yi aiki da shi zai fito wajen 51. Wannan bai taɓa halascin cinikin ba, yana dai nuna miki nauyinsa a aljihu, kuma yana ba ki abin yin tayi. Haka nan mai shagon da zai ce miki firiza kaza ce hannu da hannu, kaza ce biyan wata-wata. Bambancin farashin biyun shi ne tsadar jinkirin, kuma da wancan layin za ki auna shi.

In tsakanin waɗannan biyun da kika kawo ne kawai, na bankinki ya fi, da tazara mai yawa, muddin ruwansa a kafe yake kuma kin iya cika sharuɗɗansu. Amma ko shi 49 ne, ba ƙaramin kaya ba ne, kuma biyan farko zai zo bayan kwana 30, ko firizar ta fara kawo kuɗi ko ba ta fara ba. 63,000 a wata ya kama 2,100 kullum, daga riba ba daga ciniki ba, bayan kin cire man janareto da sukari da aya da robobi. Kada ki yi wannan lissafin da cinikin watan Afrilu. Ki ɗauko littafinki ki duba Disamba da Janairu, lokacin da hunturun Zariya ke sa mutane su guji ruwan sanyi, ki ga ko ƙarin ribar da firizar za ta kawo a waɗannan watannin zai ɗauki 2,100 a rana. In ba zai ɗauka ba, ki raba sayayyar: firiza yanzu da ƙaramin rance ko kwasar adashi, janareto kuma bayan cinikin zafi ya shigo. In kin karɓo jadawalin biyan daga wuraren biyu, ki turo mini lambobin mu sake bi tare kafin ki sa hannu.